Ribar wata uku a injin shinkafa: yadda muke lissafi a ofishinmu

Aikinmu a wannan ɗan ofishi namu na Birnin Kebbi shi ne riƙe wa 'yan kasuwa littafi, mu huɗu ne, ni da yara biyu da na koya wa aikin sai wata ƙanwarmu da ke kula da fayil da rasit. Masu injin shinkafa, masu kemis, masu makarantun kuɗi, dillalan albasa na Aliero da 'yan kasuwar Jega, duk suna zuwa, kuma kusan kowa tambaya ɗaya yake shigowa da ita, wai nawa na ci riba. Ita wannan tambaya amsa biyu gare ta, ya danganta da irin lissafin da aka yi maka, kuma tsakanin amsoshin biyu akan samu tazarar da za ta iya raba 'yan uwa na jini in ba a yi hattara ba.

Na farko shi ne lissafin tsabar kuɗi, wanda kowa ya iya tun yana yaro. Kuɗi ya shigo ka rubuta, kuɗi ya fita ka rubuta, ƙarshen wata ka cire wannan daga wancan, abin da ya rage ka ce riba ce. Na biyu shi muke kira akuruwal, shi kuma bai damu da ranar da kuɗi ya motsa ba, abin da yake tambaya shi ne wane wata ne ya ci amfanin abin. Wutar da injinka ya sha a Disamba ta Disamba ce ko da sai Janairu aka kawo bil, kuma hayar shekara da ka biya rana ɗaya a Oktoba ta wata goma sha biyu ce, ba a ɗora wa Oktoba ita gaba ɗaya. Kamar dai magidanci ne da ya sayi buhun gero da kaka, ai ba a ranar da ya saya gidansa ya cinye shi ba, kwano kwano ake ɗiba, kuma abin da ke cikin buhun tukuna dukiyarsa ce.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sana'a shi ne yaran nan masu shagon buga takardu da suka mayar da kansu akantoci dare ɗaya. Mutum zai kai musu takardar banki, su zauna su kwafe alat na shiga a gefe ɗaya na fita a gefe ɗaya, su sa masa kan takarda mai kala, su karɓi dubu goma, shi kuma ya fito yana murna wai an yi masa lissafin shekara da araha. Wallahi wannan kwafe ne kawai. Takardar banki ba ta san akwai albashin da ba ka biya ba, ba ta san hayar da ka biya ta wata nawa ce ba, ita abin da ya wuce ta gabanta kaɗai ta sani. Daga baya in banki ko abokin tarayya ya fara tambaya sai a kwaso takardun a kawo mana, mu fara daga tushe, kuma a ce mun cika tsada.

Ni a Kwalejin Waziri Umaru na yi karatun akanta, amma hannuna a wurin wani dattijo ya faɗa, tsohon akawu ne da ya yi shekaru yana riƙe wa wani kamfanin saye da sayarwa littafi kafin ya buɗe nasa ɗan ofishi, Allah ya jiƙansa da rahama. Baba muke ce masa. Yana da wata babbar leja mai baƙin bango da jan gindi, da rula ta katako da ta sha hannu har lambobinta sun goge, da biro biyu a aljihun gaba, shuɗi na rubutu ja na jan layi. In ka kawo masa rasit ba ya fara duban adadin kuɗin, sai ya ɗora yatsa a kan kwanan wata ya ce, yaro, wannan kuɗin na wane wata ne? In ka ce ai yau aka biya Baba, sai ya ce ban tambaye ka yaushe aka biya ba, cewa na yi na wane wata ne. Ranar ƙarshen wata kuwa ba ya rufe littafi sai ya aike ni da ƙafa na zagaya, in je in karanto mita, in tambayi mai gadi ko an ba shi haƙƙinsa, in leƙa wurin bakanike in ji ko akwai aikin da ya yi bai kawo takarda ba. A lokacin rana ce kawai nake ji a kaina, amma yau duk yaron da ya zo koyon aiki wurina da wannan zagayen yake farawa kafin in bar shi ya taɓa kwamfuta.

Bari in kawo aiki ɗaya da muka yi, don a gani da lambobi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a nan Kebbi a watan Nuwamba na 2015, ƙananan injinan gyaran shinkafa suka yawaita, kuma da yawansu haɗin gwiwa ne tsakanin dangi. Wani Alhaji yana da irin wannan injin a kan hanyar Argungu, ba ya sayen shanshera da kansa, mutane ne ke kawo tasu ya gyara musu su biya nan take. Ɗan ƙanwarsa ya dawo da ɗan jari ya zuba a ciki, suka yi yarjejeniya daga 1 ga Oktoba yaron yana da kashi 40 cikin 100 na riba, Alhaji yana da 60, kuma za su zauna duk bayan wata uku su duba. Ƙarshen Disamba ya zo, yaron Alhaji mai riƙe littafi ya haɗa abin da ya shiga da abin da ya fita, ya ce riba naira 1,490,000 ce. Ɗan ƙanwar ya ce shi fa bai gane ba, watannin kaka ne, injin bai huta ba dare da rana, ya za a yi riba ta tsaya nan. Alhaji kuma ya ji kamar ana zarginsa. Wani aminin Alhaji ne ya ce su zo wurinmu kafin magana ta kai ga iyaye mata.

Littafin yaron Alhaji ba ƙarya a ciki, wannan na fara gaya musu, ko kwabo bai ɓata ba. Kuɗin da ya shigo a wata ukun naira 7,200,000 ne, kuma tunda kowa hannu da hannu yake biya, wannan adadin bai canja ba ko ta wace hanya aka bi, wanda ya sauƙaƙa mana aiki ƙwarai. A ɓangaren fita, an biya hayar fili da rumfar injin naira 1,800,000, an biya kuɗin wuta 940,000, an biya albashi 870,000, sai dizal da buhuna da zare da bel da sauran tarkace 2,100,000. In ka haɗa 5,710,000 ke nan, ka cire daga 7,200,000, ga 1,490,000 ɗin nan ta fito daidai. To sai muka baje rasit a kan tebur muka fara yi wa kowanne tambayar Baba.

Hayar muka fara ɗauka don ita ce babba. Takardar yarjejeniya ta nuna daga 1 ga Oktoba zuwa 30 ga Satumba na baɗi ne, shekara guda cur. Ka raba 1,800,000 gida 12, kowane wata ya tashi a 150,000. Wata uku aka zauna a filin, saboda haka hayar da aka ci ita ce 450,000, sauran 1,350,000 kuwa ta wata tara ce da ba a shiga ba tukuna. Nan Alhaji ya gyara zama ya ce, "Akanta, mi kaka hwaɗi? Kuɗɗin ga da hannuna na ba mai hili, sun tahi." Na ce ranka ya daɗe sun tafi daga aljihu, amma yau in wani ya zo zai sayi injin nan ya ci gaba da aiki a filin, za ka bar masa wata taran nan kyauta? Ya ce ina, sai ya biya ni. Na ce to abin da za ka iya cewa a biya ka ai dukiya ce, kuma dukiya ba a rubuta ta a layin abin da aka kashe. Irin wannan shi ne kuɗin da aka biya gaba, wurin zamansa a balans shit, wato takardar da ke nuna kadarori da bashi, yana cikin kadarori, kusa da kuɗin banki da bashin da kake bin mutane.

Yadda muke shigar da shi ba wuya. Ranar da aka biya, asusun hayar da aka biya gaba ya sha debit na 1,800,000, wato shigarwa a gefen hagu na leja, banki ya sha kiredit na 1,800,000, wato shigarwa a gefen dama, ba abin da ya taɓa riba ko kaɗan. Sai ƙarshen kowane wata mu ɗebo 150,000, debit a asusun kuɗin haya, kiredit a asusun biyan gaba, a haka a haka har ranar 30 ga Satumba asusun ya koma sifiri. Muna da shafi guda a Excel ga kowane mai hulɗa da mu, kowane abu da aka biya gaba yana da layinsa, ranar farawa, ranar ƙarewa, na wata nawa, saura nawa, kuma ba na sa hannu a lissafin wata sai sauran da ke wannan shafin ya yi daidai da na leja. Inshorar mota, kuɗin lasisi na shekara, hayar shago, kuɗin intanet na wata shida, duk nan suke shiga.

Sai wuta, ita kuma ta ɗaya gefen ta zo. Injin yana kan bil ne na wata wata, kuma bil ɗin kowane wata sai wata mai bi masa ake kawowa. Da muka warware 940,000 ɗin nan sai ga rasit uku, 260,000 da aka biya a Oktoba na wutar Satumba ne, 300,000 na Oktoba, 380,000 na Nuwamba. Na Disamba babu shi ko'ina a littafi, alhali a Disamba ne injin ya fi shan wuta. Ranar da muke wannan aikin bil bai iso ba, sai na tura yarona da mai kula da injin suka karanto mita, muka cire karatun ƙarshen Nuwamba da ke jikin tsohon bil, muka ninka yunit ɗin da farashin da ke kan wannan bil ɗin har da harajin da ake ɗorawa, ya ba mu kusan 420,000. Wannan shi ne kashewar da ta hau kanka amma ba ka biya ba, an riga an sha wutar, bashi ne ko takarda ta zo ko ba ta zo ba. Muka yi debit na 420,000 a asusun kuɗin wuta, kiredit a asusun bashin da ya hau, wanda ke zama a ɓangaren abin da ake bin ka. Wutar wata ukun ta gaskiya ta zama 300,000 da 380,000 da 420,000, wato 1,100,000.

Albashi ma haka, don Alhaji ranar 5 ga wata yake biyan ma'aikata. A cikin 870,000 akwai 250,000 na Satumba, sai 310,000 sau biyu na Oktoba da Nuwamba bayan an ƙara ma'aikata saboda kaka, na Disamba kuwa 310,000 yana nan yana jiran 5 ga Janairu. Na wata ukun ya zama 930,000. Na ƙarshe bakanike ne, ya canja wasu kayan injin a tsakiyar Disamba, aikin 85,000, ya ce a bari sai ya dawo daga tafiya. Wannan babu rasit babu takarda, ba don mun tambayi mai kula da injin baki da baki ba da ba wanda zai tuna, kuma irinsa ne mai kwafe takardar banki ba zai taɓa gani ba har abada. Dizal mun leƙa tanki, abin da ya rage bai kai a tsaya a kansa ba, buhuna ma haka, sai muka bar 2,100,000 yadda take.

Yanzu a sake haɗawa. Haya 450,000, wuta 1,100,000, albashi 930,000, bakanike 85,000, dizal da tarkace 2,100,000, jimla 4,665,000. A cire daga 7,200,000, riba ta zama naira 2,535,000. Tazara tsakanin lissafin biyu 1,045,000 ce a wata uku kacal, a ƙaramin inji. Kason ɗan ƙanwar a lissafin farko 596,000 ne, a na biyu 1,014,000, wato da an bi na farko da an danne masa 418,000 ba tare da kowa ya yi niyyar cutarsa ba. Sannan ga 510,000 na wuta da albashin Satumba da aka biya daga kuɗin tarayya, alhali a Satumba yaron bai shigo ba, wannan muka rubuta shi a kan Alhaji shi kaɗai. Da na karanta wannan yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni fa ban ce ka ci mini komai ba." Alhaji ya ce ya sani, kuma haƙƙi haƙƙi ne, a rubuta.

Na kuma nuna musu cewa ba yaron kaɗai wannan lissafi ya tsare ba. Da sun ci gaba da na tsabar kuɗi, daga Janairu zuwa Satumba ba za a ga haya a littafi ba ko sau ɗaya, riba za ta kumbura da 150,000 kowane wata, a raba a kashe, sai Oktoba ta zagayo mai fili ya miƙo hannu a rasa inda za a ɗauko. Kuma a ce yaron ya janye jarinsa a ƙarshen Disamba wani ya shigo a Janairu, sabon zai zauna wata tara a filin da bai biya ba, sannan a ɗora masa wutar da bai sha ba. Duk inda hannu ya wuce ɗaya a kasuwanci, ko ake shiga ana fita, ni ban yarda a raba riba da lissafin tsabar kuɗi ba, kuma ina faɗa wa mutane haka ko ba su so ji ba.

To amma akwai inda akuruwal yake da iyaka, kuma akantan da bai gaya maka wannan ba bai gama aikinsa ba. Alhaji ya ce tunda riba ta kai miliyan biyu da rabi sai a raba. Na ce a'a ranka ya daɗe, ribar gaskiya ce amma ba duka ke cikin banki ba. Abin da ke hannu 1,490,000 ne, kuma cikin makon farko na Janairu za a biya wuta da albashi da bakanike, 815,000, saura 675,000. Ina sauran ribar take? 1,350,000 tana kwance a wurin mai fili a matsayin hayar wata tara, 510,000 tana wurin Alhaji. Ka haɗa 675,000 da 1,350,000 da 510,000, za ka ga 2,535,000 ta fito cif, kuma wannan haɗin shi ne shaidar da nake nema kafin in yarda lissafi ya tsaya da ƙafarsa. Shawarar da na ba su ita ce a rubuta wa kowa kasonsa a asusunsa, a ɗebi kaɗan yanzu, sauran a riƙa ɗiba yayin da watanni ke tafiya, sannan a riƙa ware 150,000 duk wata a gefe saboda hayar baɗi. Shi ya sa duk wanda muke yi wa aiki takarda biyu yake karɓa, ta riba da ta motsin kuɗi, don mutum yana iya cin riba a takarda ranar biyan albashi ta zo ya rasa abin biya.

Inda aka fi yin ɓarna a wannan aikin shi ne watan da ke biye. An rubuta wutar Disamba a Disamba, madalla, sai Janairu a biya bil ɗin, mai riƙe littafi ya sake zuba shi a asusun kuɗin wuta, shi ke nan an ƙirga abu ɗaya sau biyu, bashin kuma yana nan zaune a balans shit kamar ba a biya ba. Daidai shi ne ranar biya a yi debit a asusun bashin da ya hau, kiredit a banki. A injin Alhaji bil ɗin ya zo 436,000, ya ɗara ƙiyasinmu da 16,000, sai 420,000 ta share bashin, 16,000 ta shiga kuɗin wutar Janairu, ba a komawa a buɗe watan da aka rufe saboda ɗan wannan. In tazarar ta yi yawa kuwa, misali ƙiyasi ya ce dubu ɗari huɗu bil ya zo da dubu ɗari bakwai, to nan sai a tsaya a bincika, ko karatun mita ne ba daidai ba, ko an canja farashi, ko akwai tsohon bashi da aka cusa a ciki.

In an kawo mini littafin da wani ya riƙe, akwai wuraren da nake fara leƙawa kuma da wuya su ba ni kunya. Ina buɗe asusun wuta da na albashi in ƙirga, shekara wata 12 ce, in na ga shigarwa 11 na san an manta na ƙarshe, in na ga 13 na san an maimaita ko an kwaso na bara. Sai in duba asusun biyan gaba, in adadin da ke ciki a Maris shi ne a Yuni to ba wanda ke ɗiba, an ajiye shi an manta, kuma riba ta kumbura ke nan. Haka asusun bashin da ya hau, in ya yi wata shida da adadi ɗaya bai motsa ba akwai magana. Sai kuma ribar wata wata, in ciniki bai canja sosai ba amma wannan wata riba ta yi sama wancan ta faɗi ƙasa warwas, galibi wani babban biya ne aka jibga wa wata ɗaya. Waɗannan duk cikin awa guda ake ganinsu in ido ya saba, amma sabon ne ke ɗaukar shekaru, shi ne kuma abin da mai cewa ai wancan yaron dubu goma ya ce zai yi mini bai gane yana saya ba. Wani har zai ce mini Malam ai lambobi ne kawai, ka rage mana. Nakan rage wa wanda na ga ƙaramin ƙarfi ne, amma ba na rage zagayen mita da tambayar bakanike don farashi ya sauka.

Ba kuma cewa nake kowa sai ya yi akuruwal ba. Mai shayi, mai sayar da kati, matar da ke saƙa ko ƙosai a gida, wanda kuɗinsa shi kaɗai ne kuma abin da ya saya yau yau yake ƙarewa, littafin shiga da fita ya ishe shi, ni da kaina nake ce musu kada su ɓata kuɗinsu a wurina, in zana musu layi a littafin makaranta su tafi. Ko a manyan ma ba kowane ɗan abu ake bi ba, datar dubu uku da ta tsallaka wata ba mai buɗe mata layi. Mai mita ta kati kuwa nasa a juye yake da na Alhaji, shi gaba yake biya, saboda haka in ya loda yunit mai yawa ranar 28 ga wata, abin da ya rage a mita ranar rufe littafi biyan gaba ne, in ya kai a damu da shi. Amma da zarar ka yi rajistar kamfani a CAC, ko kana neman rance a banki, ko kana da abokin tarayya, ko kana biyan hayar shekara, to ka wuce lissafin tsabar kuɗi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kamfani ya riƙe littattafan da ke nuna kadarorinsa da bashin da ke kansa, kuma gwamnatin Najeriya kanta, da ta daɗe tana kan tsabar kuɗi, ta tsayar da Janairun 2016 a matsayin lokacin komawa akuruwal a ƙarƙashin tsarin IPSAS, wato ƙa'idojin lissafin gwamnati na ƙasa da ƙasa, don a riƙa ganin bashin 'yan kwangila da na fansho a takarda tun kafin a biya.

Injin Alhaji har yanzu mu ke riƙe masa littafi, duk ranar ƙarshen wata mai kula da injin yana ɗaukar hoton mita ya turo, yaron Alhaji kuma da ya yi lissafin farko yanzu shi ke cika shafin biyan gaba da kansa, mu dubawa kawai muke yi. Wanda zai kawo mana aiki, ya taimaka ya haɗo da takardar yarjejeniyar haya, ba rasit kaɗai ba, don a jikinta ne ranar farawa da ranar ƙarewa suke, da bil ɗin wuta na wata ukun baya, da takardar albashi, sannan ya zauna ya tuno duk wanda ya yi masa aiki bai karɓi kuɗinsa ba ya rubuta sunansa da adadin ko a bayan kwali ne. Rasit kuma don Allah a daina tara su a leda ɗaya da goro, na injin POS gogewa suke yi cikin 'yan watanni in zafi ya buge su, a ɗauki hotonsu tun ranar da aka karɓa. Muna buɗewa daga Litinin zuwa Asabar, ranar Juma'a muna tashi ƙarfe goma sha biyu, kuma makon farko na kowane wata cunkoso ne, wanda aikinsa ba na gaggawa ba ne gara ya bari sai bayan 10 ga wata.